Naira 1,850 kawai suka ce in biya a sako min kayana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in bada labarin nan amma duk lokacin da na ɗauki waya zan fara sai inji ƙirjina yayi nauyi in ajiye, yau dai nace sai na faɗa ko Allah zai sa wani ya tsira ta dalilina. Ni 'yar Kano ce, matar aure da yara uku, sana'ata saida jakunkuna da takalma na mata, a gida nake yi, ina ɗora hotuna a WhatsApp mutane su zaɓa in aika musu. Da a Kwari da Sabon Gari nake saro kaya, daga baya wata ƙawata ta haɗa ni da wani ejan da yake Guangzhou, ni zan zaɓi kaya in tura kuɗi, shi ya haɗa ya auna ya sako a kago, in sun sauka Kano yaransa su kira ni inje ofishinsu in biya kuɗin kilo in ɗauka. Mun yi haka ya kai sau shida ba a taɓa samun matsala ba. Bayan wannan kuma nice uwar adashen unguwarmu, mu goma ne, kowa dubu 30 a wata, kuma a akawun ɗina ake tara kuɗin kafin a bawa mai ɗauka. Ku riƙe wannan maganar ta adashe dan ita ce ta fi ci min rai a duk abin da ya faru.

A watan Nuwamba na 2024 ne. Ina jiran kaya kashi biyu a lokacin. Na farko manyan kayana ne, kilo 18, wanda ejan yace sati biyu zuwa uku zasu iso, ga shi an shiga kwana na 19 shiru, kuma akwai wata Hajiya da ta bada kuɗin jaka shida da takalma na lefen ɗanta, kullum sai ta kira ni safe da yamma, ni kuma ba abin da zan ce mata sai Hajiya kiyi haƙuri suna hanya. Na biyun ƙaramin abu ne, fitilar ɗaukan hoto da na saya da kaina a wata manhajar sayayya na saka adireshin gidanmu. Toh kun ga halin da nake ciki, duk ƙarar da waya tayi sai na zabura ina zaton maganar kaya ce.

Ranar Talata bayan la'asar ina kicin ina tankaɗen garin tuwo saƙo ya shigo. Ba a WhatsApp ba, tes ne na layi, kuma a saman ba lambar waya bace ta fito, sunan wani kamfanin kai kaya ne sananne wanda kowa yake ganin motocinsu a titi. Da Turanci aka rubuta, ma'anarsa dai wai kayanki sun iso amma an riƙe su saboda ba a biya ragowar kuɗin kwastam ba, naira 1,850, kuma in ba a biya cikin awa 24 ba za a mayar da su inda suka fito, sai ga linki a ƙasa. Wallahi abin da ya fara zuwa min a rai farin ciki ne, nace Alhamdulillah kayan Hajiya sun sauka. Ban tsaya na tambayi kaina ba cewa tunda nake da ejan ɗin nan yaushe wannan kamfanin ya taɓa kawo min kaya, kuma yaushe aka taɓa ce min in biya kwastam daban alhali kuɗin kilo da nake biya har da kuɗin fito a ciki. Kalmar za a mayar da kaya ita ta rufe min ido, ina hango Hajiya a ƙofar gidana, lefe saura kwana tara.

Sannan kuɗin ba yawa. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya gane. Da ace dubu 50 suka rubuta da na ajiye rariyar nan na kira maigidana, ko na kira ejan, ko na tsaya nayi tunani. Amma 1,850, kuɗin da bai kai na adaidaita sahu zuwa Kwari da dawowa da ɗan ruwan sha ba, waye zai tada hankalin mutane akan shi. A raina nace ko ma ƙarya ce ai ba wata asara bace. Ashe su ba 1,850 ɗin suke so ba, katina suke so, kuɗin sun saka shi ƙarami ne dan kar inyi shawara da kowa.

Na danna linkin da hannuna duk gari. Shafi ya buɗe da kalar kamfanin da tambarinsu, har da hoton ɗan kwali da layin da yake nuna wai kaya sun baro can, sun sauka Legas, an riƙe a kwastam da jan rubutu. Akwai wata doguwar lamba a sama wai lambar bibiyar kayana. Akwai ɗan kwaɗon nan ma da yake fitowa a gefen adireshi, wanda ni a sanina in ka ganshi shafin mai kyau ne. Shafin farko suna, adireshi da lambar waya, na cike. Na biyu lambar katin ATM, ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun nan na bayan kati da ake kira CVV, na tashi na ɗauko katin a jaka na kwafe tsaf. Sai ya nemi PIN, nan naɗan yi jim, amma na tuna akwai lokutan da nake biyan kuɗi a intanet da katin ana tambayata PIN, sai na saka. Wani abu ya dinga juyawa a fuskar wayar kamar na minti ɗaya, sai aka ce in saka OTP da banki ya turo min.

Nan ne wajen da har yau in na tuna nake jin zafi. Saƙon banki ya shigo ta sama, kun san yadda waya take nuno lambar kawai ba sai ka buɗe ba, na hango lamba shida na kwafe na saka. Shafin yace ba a yi nasara ba, a sake gwadawa. Wani OTP ɗin ya shigo, na sake sakawa. Ya sake cewa bai yi ba. Na uku da ya shigo sai naji haushi nace bari in buɗe saƙon gaba ɗaya ko ina kuskuren lamba ne, ina buɗewa naga abin da aka rubuta. Bankin ya faɗa ƙarara, wannan lambar ta amincewa da biyan naira 100,000 ce, kar ka bawa kowa. Na ja sama na duba na farko, 148,500. Na biyu, 148,500. Duk a rubuce suke, tun farko a rubuce suke, ni ce ban karanta ba. Ina tsaye a wajen alat guda biyu suka shigo a jere, dama sabis ne ya riƙe su. Dubu 297 sun fita daga cikin dubu 412 da suke akawun ɗin, kuma dubu 300 a ciki kuɗin adashe ne da zan bawa mai ɗauka ranar Juma'a.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un kawai nake maimaitawa, ƙafata ta kasa ɗaukata na zauna a ƙasan kicin. Babbar 'yata ce ta ruga ta kira Yayana da yake gidansa bayan layinmu ne, maigidan yana kasuwa. Yaya na shigowa bai tsaya tambayar ya akayi ba, yace kin saka na ukun? Nace a'a. Yace toh kar ki taɓa komai, kawo wayar. Ya danna lambar USSD ta rufe kati ta bankina, ashe bankuna da yawa suna da irin wannan lambar kuma ko da wayar wani ce zaka iya rufewa in ka saka lambar wayarka ko ta akawun, ni shekara nawa da katin ban taɓa sani ba. Cikin minti biyu saƙo yazo an rufe. Bayan nan OTP bai ƙara shigowa ba. Da Yaya baya gida, ko da na saka na ukun nan, da ragowar dubu 115 ɗin ma saura dubu 15.

Da daddare bayan maigida ya dawo, Yaya ya zaunar damu ya buɗe linkin a wayarsa ba tare da ya cike komai ba, ya nuna min abin da ban gani ba. Yace ƙanwata kalli adireshin nan da kyau. Sunan kamfanin yana ciki da gaske, amma a farko aka saka shi, sai ɗan layi, sai wasu kalmomi, sannan ƙarshensa `.top` ne. Yace a adireshin shafi ba farkon ake kallo ba, kowa zai iya rubuta sunan da ya ga dama a farko, abin da yake dab da sandar `/` ta farko bayan `https://` shi ne ainihin mai gidan. Na kamfanin gaskiya sunansu ne kawai sai `.com`, ba ƙari ba ragi, in kuma hukumar gwamnatin Najeriya ce kamar kwastam ko gidan waya to da `.gov.ng` yake ƙarewa. Nace to kwaɗon fa? Yace kwaɗo ba shaidar gaskiya bane, abin da yake nufi kawai shi ne wani a hanya ba zai leƙa abin da kike rubutawa ba, amma wanda kike aikawa ai shi ne ɓarawon, kuma kyauta ake samun kwaɗon. Sunan kamfanin da ya fito a saman tes ɗin ma yace ba hujja bace, masu tura saƙo da yawa a lokaci ɗaya suna iya saka suna a madadin lamba.

Sai yayi wani abu da ya ƙara kashe min jiki. Ya goge lambar bibiyar da take shafin ya rubuta 12345, shafin ya nuna masa kayanka an riƙe a kwastam biya 1,850. Ya rubuta sunansa a wajen, nan ma haka. Wato ko me ka saka amsa ɗaya ce. Sannan yace buɗe manhajar da kika sayi fitilar, na buɗe, ga lambar bibiyata ta gaskiya nan a zaune, harafi biyu a farko, lamba tara a tsakiya, sai `CN` a ƙarshe alamar daga Chaina ta taso, irin tsarin da gidajen waya na duniya suke amfani da shi kenan, kuma ko kusa bata yi kama da wadda ke cikin shafin ba. Manhajar ma tana nuna kayan basu iso Najeriya ba tukuna. Minti ɗaya ya ishe ni in duba wannan tun kafin in tashi ɗauko kati.

Yayi min bayanin yadda abin yake tafiya, kuma daga baya ma'aikaciyar banki ta faɗi irin sa. Lokacin da abin nan yake juyawa a wayata ba wai sabis bane, mutum ne a zaune a ɗaya ɓangaren yana ganin duk abin da na rubuta, yana ɗauka yana sakawa a wani wajen biyan kuɗi na gaske da adadin da yake so. Banki kuma da yaga ana son cire kuɗi da katina sai ya turo min OTP dan ya tabbatar nice, ni kuma na miƙa masa. Cewar bai yi ba a sake gwadawa, dabara ce ta karɓar wani OTP ɗin dan a sake cira. Shi yasa kowanne yazo da nasa adadin.

Abin da ya tsaya min a rai a daren shi ne ya akayi suka san ina jiran kaya, har na fara zargin yaran ejan, Allah ya yafe min. Bayan kwana biyu sai ga saƙon nan sak ya shigo wayar maigidana, shi da bai taɓa sayen ko allura a intanet ba, adadin kuɗin ma bai canza ba. Nan na gane basu san komai a kaina ba, watsawa suke yi kamar mai shuka gero, wanda baya jiran komai ya goge ya wuce, wanda yake jira irina ya faɗa.

Washegarin ranar da aka cire kuɗin da safe muna shirin tafiya banki waya ta shigo. Namiji ne mai nutsuwa, ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya kira cikakken sunana, yace daga sashen yaƙi da zamba na bankina yake, sun ga an cire 148,500 sau biyu jiya kuma sun tare kuɗin kafin su wuce. Ya faɗi lambobi huɗu na ƙarshen katina daidai. Wallahi sai da hawaye ya zubo min dan daɗi, nace Allah ya saka maka da alheri ɗan uwa. Yace Hajiya ba komai aikinmu ne, yanzu dan a dawo miki da su zaki bani BVN ɗinki, sannan akwai lamba da zata shigo ki karanto min. Na fara laluben inda na rubuta BVN ɗin kenan maigida ya karɓe wayar, yace malam wane reshe kake, gamu nan zuwa yanzu sai muyi a gabanka. Mutumin yace ai ba sai kun zo ba kuma in aka wuce minti goma kuɗin zasu tafi. Maigida yace su tafi ɗin, muna zuwa. Sai ƙit aka kashe. Jikina na rawa nace amma ya san sunana ya san katina ya san adadin, maigida yace Maman yara, waye ya basu sunan da katin jiya, kuma waye ya san adadin fiye da wanda ya cira? Sun ga kati ya rufu ne suna neman wata ƙofar da zasu shiga akawun ɗin kansa. Wannan kiran da ya biyo baya ya fi saƙon farko haɗari a ganina, dan yana zuwa ne lokacin da kake neman duk wanda zai ce maka kuɗinka zasu dawo.

A banki wadda ta saurare ni mace ce mai kirki, bata yi min faɗa ba. Ta tabbatar ba wanda ya kira ni daga wajensu, tace su basa tambayar PIN ko OTP ta waya ko da wasa. Ta bani fom na cike, ta sa na rubuta takardar koke da hannuna da ranar da abin ya faru da lokaci da adadi, ta karɓi hoton saƙon da na linkin da na alat biyun, Allah ya taimake ni ban goge ba dan da farko naso in goge saboda baƙin ciki. Ta bani lambar koke tace in adana ta. Sannan ta faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye, tace Hajiya tunda an saka OTP, a wajen na'ura ke kika amince da biyan, dan haka ba wai banki zai biya ki daga aljihunsa bane, abin da zamu yi shi ne mu aika wa inda kuɗin suka sauka su riƙe abin da ya rage, in an samu wani abu a ciki shi zai dawo. Tace irin waɗannan kuɗin basa kwana waje ɗaya, ana sauka ake rarraba su, shi yasa awa ɗaya ma tana da muhimmanci, kuma da tun a daren na kira layin kula da kwastomomi da yake bayan kati na shigar da koken da ya fi, dan rufe kati daban, kai koke daban. Mu mun rufe kati mun kwanta muna jiran gari ya waye, kusan awa 17 kenan muka basu. Wannan kuskuren namu ne na biyu kuma ina so ku riƙe shi.

Aka ce in kawo rahoton 'yan sanda, muka je muka yi muka kawo. Sati biyu suka wuce shiru, Yaya yace ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce ka fara kai kuka bankinka, in an ɗau sati biyu ba a warware ba kana da damar kaiwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ya rubuta musu ta `cpd@cbn.gov.ng` ya haɗa da lambar koken da hotunan. A sati na shida alat ya shigo, naira 61,000. Abin da aka tarar kenan a ɗaya daga wuraren da kuɗin suka sauka. Ragowar dubu 236 har yau.

Maganar adashe kuwa, Juma'a bata jira sati shida ba. Wadda zata ɗauka a watan bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, kuɗin hayar gida zata biya. Daren Laraba ban runtsa ba ina tunanin ko in ce mata banki ne ya riƙe kuɗi, maigida yace a'a, amana ce, ki faɗi gaskiya kuma mu nemo. Ranar Alhamis na ɗauki ɗan kunne da zoben gwal ɗina na aure na kai kasuwa na sayar, maigida ya cika da abin da yake hannunsa, Yaya ya ranta min dubu 40. Juma'a bayan an sauko masallaci na kai mata dubu 300 cif, sannan na tara sauran matan na faɗa musu duk abin da ya faru na nuna musu saƙon. Ina gama magana wata a cikinsu tayi shiru, can tace Maman yara nima an taɓa yi min, nata wai kyauta aka aiko mata daga waje sai ta biya kuɗin fito, dubu 7 aka fara da ita har ta kai dubu 85 tana turawa wani akawun mai sunan mutum, bata taɓa faɗawa ko mijinta ba. Shekara biyu tana riƙe da abin ita kaɗai.

Kayan Hajiya sun iso ranar Asabar ɗin satin. Yaron ejan ya kira ni da lambar da na sani tun shekara biyu, naje ofishinsu, aka ɗora kwalin a sikeli a gabana kilo 18, na biya kuɗin kilo da muka yi magana tun kafin a sako kaya, aka bani rasit. Na nuna masa saƙon, yace Hajiya ai kayan kago da sunan kamfaninmu suke shigowa ba da sunanki ba, mu muke fito da su gaba ɗaya, kwastam basu san lambar wayarki ba balle su turo miki tes. Fitilar kuma bayan kwana goma mai babur ya kawo har ƙofar gida, ko sisi bai karɓa ba.

Ba ina cewa babu kuɗin kwastam na gaskiya ba, akwai, kar wani ya ƙi biyan haƙƙi yace ni na faɗa. Bayan abin nan da wata huɗu an aiko wa ƙanwar maigidana na'urar ɗinki daga Ingila ta kamfanin kai kaya, kuma an nemi ta biya. Ni na raka ta dan lokacin na zama mai tsoro. Bambancin a fili yake. Wanda ya aiko ya riga ya turo mata hoton takardar kayan da lambarta, muka rubuta adireshin kamfanin da hannunmu ba ta linki ba, muka saka lambar, ya nuna sunan garin da aka aiko da nauyin kayan daidai, da muka canza lamba ɗaya kuwa yace babu irin wannan. Muka je ofishinsu da ƙafarmu, suka fito da takarda mai nuna darajar kayan da yadda aka lissafa harajin da nasu kuɗin aiki daban, ta biya a kanta da sunan kamfani aka bata rasit. Ba wanda yace mata awa 24, ba wanda ya nemi ta karanto masa wata lamba. Kuma daga 8 ga Satumba 2025 Hukumar Kwastam ta fara aiki da tsarin da kayan da darajarsu bata wuce dala 300 ba basa biyan haraji, har sau huɗu a shekara, in dai ba cikin kayan da aka hana shigowa dasu suke ba. Toh duk wanda ya sayi ɗan agogo ko takalmi ɗaya aka ce masa kwastam sun riƙe sai ya biya dubu biyu ta linki, ya tsaya ya binciki maganar a wajen wanda ya sayar masa.

Ni yanzu akawun biyu gare ni. Na adashe da jarina bashi da kati kwata-kwata, na ce kar a bani, sai dai tiransifa. Ɗayan mai katin bana barin sama da dubu 20 a ciki, kuma na shiga manhajar banki na kashe biyan kuɗi ta intanet a katin, sai zan sayi abu in kunna in gama in kashe. Lambar rufe kati da ta layin koke na rubuta su a jikin kalandar ɗakina na kuma koya wa 'yata. OTP kuwa ko ina tsakiyar tuƙa tuwo ne sai na wanke hannu na buɗe saƙon na karanta shi tun daga farko har adadin.

Bashin Yaya na gama biya a wata na biyar, gwal ɗin dai ban mayar ba tukuna. Satin da ya wuce da misalin ƙarfe tara na dare bazawarar nan ta turo min hoton wani saƙo da ya shigo wayar ɗanta, yaron yana jiran takalmin ƙwallo da ya saya, wai an kasa gane adireshinsa sai ya biya naira 950 a sake kawowa. Tace Maman yara duba min wannan, har ya ɗauko katina na ce ya dakata. Na duba ƙarshen linkin, `.xyz` ne. Na kira ta nace ki karɓe katin ki sa a ƙarƙashin filo, gobe da safe ki turo min shi da wayar mu duba lambar kayan nasa tare.